Yadda muka watsa tafsirin azumi kai tsaye da sabis mai rauni

Saura kwana shida a ɗauki azumin 2025 shugaban kwamitin masallacin unguwarmu ya aiko a kira ni. Sana'ata ɗaukar bidiyo ce a wuraren biki da walima, shi ya sa duk abin da ya shafi kyamara a unguwar ni ake nema. Na same shi a ƙofar gida bayan magariba, na durƙusa muka gaisa. Ya ce, "Ɗana, 'yan'uwanmu da ke Legas da Fatakwal, har da waɗanda ke Saudiyya, sun matsa mana. Suna so su riƙa jin tafsirin Malam a daidai lokacin da ake yin sa. Za ka iya?" Na ce, "In sha Allahu, Baba Alhaji." Na amsa ne da zuciya ɗaya, domin kayan aiki ina da su: kyamara mai fitar da hoto ta wayar HDMI, ɗan ƙaramin akwatin da ke karɓar hoton ya miƙa wa kwamfuta ta USB, tsohuwar laftof, da rauta mai cin layin waya. Manhajar OBS Studio kuma, wadda ake watsa shiri kai tsaye da ita daga kwamfuta, kyauta ce, na taɓa amfani da ita sau biyu.

Kwana biyu kafin a fara na je masallacin da hantsi, wajen ƙarfe goma, na gwada sabis da Speedtest. Gudun saukewa ya nuna 18 Mbps, gudun ɗorawa 6 Mbps. Na san cewa a watsa shiri kai tsaye lamba ta biyun ce abin dubawa, tunda mu ne masu turawa, ba masu karɓa ba. OBS na lokacin yana zuwa da 2500 kbps a gurbin da aka rubuta `Bitrate`, wato yawan bayanin hoton da zai riƙa turawa kowace daƙiƙa. Na yi lissafi: 2500 kbps megabit biyu da rabi ne, ni kuma ina da shida. Na bar shi yadda na same shi, girman hoto 1280x720, firem 30 a daƙiƙa, wato hotuna ɗaiɗai 30 da ke jeruwa su zama bidiyo, na koma gida hankalina kwance.

Ranar Asabar, 1 ga Maris, ɗaya ga Ramadan, aka zauna bayan la'asar. Minti goma sha biyar na farko komai lafiya lau. Mai jan baki ya ja ayoyi, Malam ya fara muƙaddima, mutane na ta shigowa har harabar masallaci ta cika, wasu suka shimfiɗa tabarmi a bakin titi. Sai na ga 'yar alamar sabis da ke ƙasan OBS ta bar kore. Kusa da ita adadin `Dropped Frames`, wato firem ɗin da suka faɗi ba a tura su ba, ya fara hawa: kashi 3 cikin ɗari, kashi 9, kashi 20. Ƙanena da na sa ya riƙa kallo a wayarsa daga waje ya shigo ya raɗa mini, "Yaya, hoton ya tsaya, muryar ma yankewa take yi." Kafin a tashi adadin ya kai kashi 31, kuma sau huɗu haɗin ya tsinke gaba ɗaya ya sake ɗaurewa.

Abin da ya fi yi mini ciwo ba wannan ba ne. Ban danna `Start Recording` ba. Na dogara da cewa Facebook zai ajiye shirin bayan an gama, katin kyamarar kuma na cire shi saboda akwai bikin wasu mutane a ciki da ban kwashe ba. Da daddare na buɗe abin da aka ajiye, sai na tarar abin da ya isa can kaɗai ke ciki. Duk jimlar da ta faɗi a hanya ta faɗi ke nan. Malam ya yi bayani a kan isti'aza da basmala na kusan minti ashirin, abin da ya rage mana guntaye ne marasa haɗuwa. Washegari na je na gaya masa da bakina. Ya ce, "Ba komai, Allah ya sa mu dace da na gaba." Amma na ga yadda ya ɗan yi shiru kafin ya faɗa, domin karatu ne da ya kwana yana shiryawa.

Ruwa ba ya tsami banza. A zama na biyu na bar kyamara tana naɗa a katinta, ban watsa komai ba, na zauna ina gwada sabis duk bayan minti goma ina rubutawa a takarda. Ƙarfe huɗu da kwata gudun ɗorawa 3.8 Mbps. Huɗu da rabi, 2.1. Biyar saura kwata, 1.6. Ƙarfe biyar da minti goma, 1.4, kuma shi ne mafi ƙanƙanta da na gani a ranar. Ashe shidan da na gani da hantsi ba nawa ba ne, aro ne. Ƙarfen sabis ɗin da ke yi wa unguwar aiki kamar rijiyar burtsatse yake: wanda ya je da hantsi shi kaɗai zai cika jarkarsa nan take, wanda ya je da yamma lokacin da kowane gida ya aiko yaro sai ya bi layi. Ɗaruruwan wayoyin da ke aljihun masu sauraro duk a kan wannan ƙarfen suke, wasu ma suna ɗaukar Malam suna turawa a WhatsApp, ga matan gida da 'yan kasuwa da ke kan waya kafin shan ruwa. Ni kuma ina ƙoƙarin cusa 2500 na hoto da 160 na murya, jimla 2660 kbps, a hanyar da ba ta ɗaukar fiye da 1400.

Akwai wani abu game da gwajin kansa da ya kamata a sani. Speedtest yakan buɗe hanyoyi da yawa a lokaci guda don ya ga iyakar abin da layin zai iya, amma OBS ta hanya ɗaya tak yake tura shiri. Don haka lambar da gwajin ya bayar takan fi abin da shirin zai samu. A shafin Speedtest akwai zaɓin `Single` maimakon `Multi`, shi ya fi kusa da gaskiyar aikinmu, kuma da shi na yi gwajin wannan yammacin. Sannan gwajin 'yan daƙiƙoƙi ne, shiri kuwa awa ɗaya da rabi. Gwajin da na fi yarda da shi yanzu shi ne in watsa shirin gaske na minti ashirin, in sa shi a `Only me` yadda ba mai gani sai ni, a wurin da za a yi taron, a irin lokacin da za a yi shi, in zuba wa adadin firem ɗin da ke faɗuwa ido.

Dalilin da ya sa shiri ke tsinkewa maimakon ya ɗan dushe kawai yana cikin yadda ake tura shi. Tsarin RTMP da OBS ke amfani da shi wajen aikawa Facebook ko YouTube ba ya tsallake ƙunshin bayanin da ya ɓata a hanya, sai ya sake tura shi, na bayansa kuma su jira. Idan abin da kake samarwa kowace daƙiƙa ya fi abin da hanya ke kwashewa, saura na taruwa a kwamfutarka. Da tarin ya yi yawa sai OBS ya fara zubar da firem don ya kamo lokaci, in abin ya ci tura haɗin ya yanke. Wannan ne ya sa matsakaicin gudu ba ya amfanar mai watsa shiri da komai. Ko da sabis ya yi kyau minti tamanin, minti goman da ya faɗi ƙasa da abin da kake turawa su ne masu kallo za su gani.

Don haka na ɗauki 1400 a matsayin abin da nake da shi, na kuma ƙudura ba zan ci fiye da kashi biyu cikin ukunsa ba, saboda lambar da na rubuta duk minti goma ba ta nuna ramukan da ke tsakani. Murya na fara cire wa rabonta. A tafsiri murya ita ce shirin. Mutumin da ke Fatakwal zai yi haƙuri da fuskar Malam ta ɗan dushe, amma ba zai yi haƙuri da ayar da aka yanke a tsakiya ba. Na ba murya 64 kbps, na mai da ita `Mono`, domin makirufo biyu ne kacal, na Malam da na mai jan baki, kuma yawancin masu kallo da lasifikar waya suke ji. Hoto na ba shi 800 kbps. Jimla 864, wato kusan kashi 62 cikin ɗari na mafi munin abin da na auna.

Rage bitiret shi kaɗai ba ya wadatarwa, nan ma sai da na gwada na gani. Na bar hoton a 1280x720 na ba shi 800, da Malam ya ɗaga hannu sai fuskarsa ta farfashe ta zama 'yan murabba'ai. Lissafin a fili yake. Hoto mai 1280x720 sau 30 a daƙiƙa ɗigo miliyan 27.6 ne kowace daƙiƙa. Mai 854x480 sau 25 kuwa ɗigo miliyan 10.2 ne. Abinci ɗaya ne, amma bakin da za su ci sun ragu kusan ninki uku, kowa zai ƙoshi. A allon waya, ƙaramin hoto mai tsabta ya fi babban hoto mai farfashewa kyan gani nesa ba kusa ba. Firem 25 ɗin kuma akwai wani dalilin zaɓensa: wutar lantarkinmu mai zagaye 50 ce a daƙiƙa, idan kyamara na kan 25 fitilun masallaci ba sa yin ƙyaftawar nan da ke fitowa a bidiyo. Firem 25 ɗin a `Settings`, ƙarƙashin `Video`, na sa shi. Ga sauran abin da na tsaya a kai, ƙarƙashin `Output`, bayan na mai da `Output Mode` zuwa `Advanced`:

```
Video Encoder: x264
Rescale Output: 854x480
Rate Control: CBR
Bitrate: 800 Kbps
Keyframe Interval: 2 s
CPU Usage Preset: veryfast
```

Sauran gyaran ba a kwamfuta yake ba, a gaban kyamara yake. Abin da ke cin bitiret motsi ne, duk abin da ya canza daga wannan firem zuwa na gaba sai an kashe masa bayani. Na kafa kyamara a kan ƙafafunta na daina juya ta, na daina jawo hoto kusa da nesa kamar yadda na saba a biki. Akwai fankar tsaye a bayan Malam da labulen taga da iska ke kaɗawa, dukansu suna cikin hoton, suna cin rabon fuskarsa. Na roƙi ladan muka matsar da fankar gefe inda iskarta ke isa gare shi amma kyamara ba ta ganinta, labulen kuma muka ɗaure. Muka ƙara fitila ɗaya ta gaba, domin idan haske ya yi kaɗan hoto yakan cika da 'yan ɗige-ɗige masu rawa kamar yashi, su ma manhajar motsi take ɗaukar su. Bayan wannan, 800 ɗin nan ya fito kamar an ninka shi.

Rautar ma na raba ta da inda nake zaune. A ranar farko tana kan tabarma kusa da ƙafata, tsakiyar jama'a, ƙarƙashin rufin kwano, laftof kuma na haɗe da ita ta iska. Na sayo doguwar wayar intanet ta mita talatin, irin wadda ake haɗa kwamfutocin ofis da ita, wadda ke iya kai mita ɗari ba tare da matsala ba. Muka ɗaure rautar a tagar sama ta ɓangaren da ke fuskantar ƙarfen sabis, a inuwa, na saita ta a kan 4G kaɗai don kada ta riƙa sauka 3G da kanta, na canza kalmar sirrinta domin ta riga ta zaga hannun yaran kwamiti. A laftof kuma na kunna `Metered connection` na Windows, na rufe duk manhajar da ke ɗora hotuna ko fayiloli a ɓoye. Mai hanya ƙarama ba ya raba ta da kowa.

Zama na uku muka koma kai tsaye. Awa ɗaya da rabi, firem ɗin da suka faɗi ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Na bar tagar `Stats` a buɗe, wadda ake samu a ƙarƙashin `View`, kuma ina ba duk mai wannan aiki shawarar ya saba da ita, domin tana raba cuta uku da ke kama da juna a idon mai kallo. Idan `Dropped Frames (Network)` ne ke hawa, hanya ce ta cushe, magani a rage bitiret. Idan `Skipped frames due to encoding lag` ne, kwamfutar ce ta gaza matse hoton a kan lokaci, rage bitiret ba zai yi komai ba, sai dai a rage girman hoto ko a sauƙaƙa mata aiki. Na ukun, `Frames missed due to rendering lag`, na ɓangaren zana hoto ne a kwamfutar. Na sha ganin abokan sana'a suna zagin sabis alhali laftof ɗinsu ce ta yi zafi.

Da ma'ajin kwamiti ya tambaye ni kuɗin data, lissafin bai yi wuya ba. Bit takwas ke yin bayit ɗaya, awa kuma daƙiƙa 3600 ce. Ka ninka 864 da 3600 ka raba da takwas, za ka samu kusan megabayit 389 a awa. Zama ɗaya na awa ɗaya da rabi ya kama kusan 583, kwana 27 kuma wajen giga 16. Na ce a sayi giga 25 saboda gwaje-gwaje da ɗora cikakken bidiyo daga baya. Da mun zauna a saitin ranar farko, kusan giga 1.2 za mu riƙa ci duk awa, a kan shirin da ba ya ma isa.

Yanzu sai maganar naɗi, wadda ita ce ta fi zauna mini a rai tun daga abin da ya faru ranar farko. Abu na farko da na yi shi ne na cire wa kaina damar mantuwa: a `General` akwai `Automatically record when streaming`, na kunna shi, ta yadda da na fara watsawa naɗi ya fara. Akwai kuma na kusa da shi, `Keep recording when stream stops`, shi ma na kunna, don ko an tsayar da watsawa naɗin ya ci gaba. Firem ɗin da ke faɗuwa saboda sabis a hanya suke faɗuwa, ba sa taɓa abin da ake rubutawa a cikin kwamfuta. Ko da sabis ya ɗauke ɗungurungum, fayil ɗin da ke laftof cikakke ne.

Abu na biyu, ban bar naɗin ya bi ingancin abin da ake watsawa ba. Idan aka bar shi a `(Use stream encoder)`, abin da za a ajiye shi ne wannan ƙaramin hoto na 480 mai 800 kbps. Wannan yana sauƙaƙa wa kwamfuta, kuma ga mai laftof mai rauni ƙwarai ba laifi ba ne, da babu gara ba daɗi. Amma karatun da za a riƙa komawa gare shi shekaru bai kamata a daskarar da shi a kan sabis ɗin wata yammaci ba. Laftof ɗina tana da `QuickSync`, wani sashe na injin Intel da ke matse bidiyo ba tare da ya ɗora wa babban injin nauyi ba. Na ba shi aikin naɗi a cikakken 1280x720, 4000 kbps, murya 128, na bar x264, mai matse bidiyo da babban injin, yana aikin watsawa. Kowane zama yana cin kusan giga 2.8, watan gaba ɗaya wajen giga 75, don haka kowane dare nakan kwafe na ranar zuwa wani faifan ajiya na waje kafin in kwanta.

Abu na uku shi ne irin fayil ɗin, kuma shi ne ya cece mu ranar 11 ga wata. Ana cikin karatu aka ɗauke wuta. Batirin laftof ɗina ya tsufa, ba ya riƙe ta fiye da 'yan mintoci, mai tada janareta kuma ya ɗan fita. Allon ya yi baƙi minti 52 da farawa. Da a tsohon tsarin MP4 nake naɗa, da an yi asarar minti 52 ɗin nan duka, domin MP4 na gargajiya sai a ƙarshe, lokacin da aka danna tsayawa, yake rubuta jadawalin da ke nuna inda kowane firem yake. In wuta ta yanke kafin nan, fayil ɗin yana nan da nauyinsa amma ba ya buɗuwa, kamar littafin da aka watsa shafukansa ba lamba. MKV kuwa yana rubuta abinsa gaɓa-gaɓa, duk inda aka tsaya abin da ya gabata yana nan. Ni a MKV na sa. Da wuta ta dawo na buɗe shi, ya yi wasa har zuwa 'yan daƙiƙoƙin ƙarshe. Sababbin fitowar OBS suna da wani mai suna `Hybrid MP4` da aka yi don magance wannan matsalar, amma ni na zauna a kan wanda na gwada da hannuna. In ana son MP4 don ɗorawa ko gyara, `Remux Recordings` da ke ƙarƙashin `File` yana juya shi cikin ƙasa da minti ɗaya ba tare da ingancin ya ragu ba.

Minti bakwai laftof ta yi a kashe, Malam kuwa bai tsaya ba, domin amfilifayar masallaci na kan batiri. Waɗannan minti bakwai ɗin ba su ɓata ba saboda naɗi na biyu da na uku. Kyamara tana naɗa a katinta da batirinta, ba ruwanta da laftof, sai dai muryar da take kamawa ta cikin ɗaki ce, da amsa-kuwwa da tarin jama'a. Sannan akwai wata tsohuwar waya da na ajiye a kan teburin Malam, kusa da littattafansa, na sa ta a yanayin jirgin sama don kada kira ya shigo ya katse ta, tana naɗar murya kaɗai tun kafin a fara. Da daddare na ɗauki hoton kyamara da muryar wayar na cike gurbin. Wanda ya kalli cikakken bidiyon ranar zai ji murya ta ɗan canza na minti bakwai, amma ba kalmar da ta ɓace. Abin da na fahimta a daren shi ne naɗi biyu a na'ura ɗaya naɗi ɗaya ne. Kowanne sai ya kasance da wutarsa da ma'ajiyarsa. Washegari na ɗora rautar a kan fawabank, laftof kuma muka ja mata wuta daga inbatar masallaci.

Juma'a kuwa wata duniya ce daban. Ranar 7 ga wata jama'a sun ninka, gudun ɗorawa ya sauka har ƙasa da 900 kbps, 864 ɗina ya zama kaya. Dabarar da ta fara zo mini ita ce in cire hoton kyamara in sa hoton Malam a tsaye da sunan sura, ina zaton abin da ake turawa zai ragu. Bai ragu ba ko kaɗan. Ma'anar CBR ke nan: adadin da ka rubuta shi za a tura kowace daƙiƙa, in hoton bai buƙaci haka ba sai a cike da bayanin banza. Lambar kanta ce sai an rage. Daga ranar na yi abu biyu. Na kunna `Dynamically change bitrate to manage congestion` da ke cikin `Advanced`, wanda ke sauke bitiret da kansa idan hanya ta cushe maimakon ya zubar da firem, ya kuma mai da shi a hankali in ta buɗe. Hoto yakan dushe na ɗan lokaci, amma karatu na tafiya, kuma tunda naɗina da injinsa daban yake, wannan saukar ba ta shafe shi. Sannan na shirya `Profile` na biyu, wato wani jerin saiti da aka adana daban, mai hoto 640x360, 400 kbps, murya tana nan a 64 ɗinta. Ba a iya sauya `Profile` ana cikin watsawa, don haka tun kafin Malam ya zauna nake yanke hukunci: in Juma'a ce, ko gwajin ƙarfe huɗu ya nuna ƙasa da 2 Mbps, ƙaramin nake ɗauka. A goman ƙarshe kusan kullum shi na ɗauka. Wani daga cikin 'yan kwamiti ya ce mini, "Malam, hoton jiya bai kai na shekaranjiya ba." Na ce masa, "Haka ne, Alhaji, amma ka ji inda ya yanke?" Ya ce bai ji ba.

Tun kafin azumin, a watan Fabrairun 2025, Facebook ya sanar cewa bidiyon kai tsaye kwana 30 zai riƙa yi a ajiye sannan a goge shi. Wato ko shirin da ya tafi lafiya lau ba zai zauna can ba. Saboda haka kowane dare bayan asham nakan gyara fayil ɗin ranar, in bar shi yana hawa YouTube bayan ƙarfe ɗaya na dare, lokacin da unguwa ta yi barci sabis ya dawo da ƙarfinsa. Ɗora fayil ba ya tsoron rami irin na kai tsaye, in gudu ya ragu jira kawai zai yi. Na kuma riƙa cire murya zalla saboda masu ƙaramar data, da manhajar ffmpeg:

```
ffmpeg -i rana11.mkv -vn -ac 1 -b:a 48k rana11.mp3
```

Wannan yana fitar da awa ɗaya da rabi a kusan megabayit 32, abin da ke wucewa a WhatsApp ba wahala. Daga baya na lura cewa wannan ɗan fayil ɗin ya fi komai yawo. Direbobi da mata a gida da ɗalibai shi suke nema, wasu tun kafin sahur suke aiko saƙo in an yi jinkiri.

An rufe tafsirin ranar 27 ga Ramadan. Bayan salla na kai wa Malam faifan ajiya mai zama 26 cikakku, kowanne da bidiyonsa da muryarsa, an rubuta rana da surar da aka karanta a sunan fayil. Fayil ɗin ranar farko kuwa guntayen nan ne kawai a ciki. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, in da hali, ina so a maimaita mana bayanin isti'aza da basmala, ko a zaure ne, in naɗa." Ya ce in zo ranar Alhamis bayan azahar, in taho da makirufo ɗin da ake maƙalawa a riga.